Kayan Fashan Sun Dushe, Yatsa Ya Yi Kore: Wanne Zai Wanku, Wanne Ya Riga Ya Tafi

"Assalamu alaikum Anti. Da ƙaramar salla na sayi saitin fashan mai ruwan gwal a Kasuwar Barci: sarƙa mai duwatsu, 'yan kunne, awarwaro da zobe. Yanzu sarƙar ta dushe, zoben yana bar min kore a yatsa, 'yan kunnen kuma ƙaiƙayi suke sa ni. Na goge awarwaron da makilin da lemun tsami, ranar ya yi kyau, bayan kwana biyu ya fi da baƙi. Yaya zan yi da su? Kuma koren nan yana da illa?" Wata ƙanwa daga Tudun Wada, Kaduna.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ki ɗauke makilin da lemun tsamin nan, kada su kusanci sauran guda ukun. Ni sana'ata ke nan, saye da sayar da kayan ado, kuma yawancin kayan da ake dawo min da su a ce sun lalace, ba sawa ce ta kashe su ba, wanki ne.

Dushewar kayan fashan iri biyu ce, kuma a ido kusan ɗaya suke. Akwai wadda datti ne kawai ya hau kan ruwan gwal ɗin: gumi, man shafawa, hoda, humra, ƙura. Wannan tana wankuwa, kayan su dawo fes. Akwai kuma wadda ruwan gwal ɗin ne da kansa ya ƙare, ƙarfen da ke ƙasa ya fito yana shan iska. Wannan babu sabulun da zai dawo da ita, don ba a wanko abin da babu shi. Duk aikin da za ki yi ya rataya ne a kan ki gane wacce ce a hannunki, kuma a saiti ɗaya ana iya samun duka biyun.

Abin da muke kira fashan, cikinsa yawanci tagulla ce, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya, jan ƙarfen ya fi yawa, kamar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Masu araha kuma zubin tutiya ne, wasu ma baƙin ƙarfe. A kan wannan sai a shimfiɗa jan ƙarfe, sau da yawa a bi shi da nikel, wani farin ƙarfe, don ya yi sumul ya yi sheƙi, sannan a ƙarshe a tsoma shi a ruwan gwal. Wannan ruwan na ƙarshe shi kike gani, shi kika biya, kuma siririntakarsa ta wuce yadda ake tsammani. Ana auna shi da maikiron, wanda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin kai guda yana kai wa wajen maikiron 70. Ruwan gwal mai ɗan kyau rabin maikiron ne zuwa ɗaya, na kayan araha kuwa bai ma kai haka ba. Kamar kwanon fenti ne: muddin fentin na nan, ruwa da sabulu sun ishe shi, ranar da aka kankare shi kuwa, tsatsa ce za ta biyo baya ko sau nawa aka wanke.

Ki fita da kayan tsakar gida da rana, ki shimfiɗa farin ƙyalle ki ɗora su. Hasken ƙwan lantarki yana ruɗa ido, komai rawaya yake nunawa. Ki goge wuri ɗaya da tsumma mai laushi, busasshe, na kamar rabin minti. In sheƙi ya taso kuma launin ya yi daidai da sauran jikin, datti ne. Sai ki gwada wurin da yake gogar fata da wurin da ba ya taɓa komai: cikin zobe da samansa, bayan sarƙa inda take kwanciya a ƙeya da gabanta, gefen awarwaro inda yake karo da ɗan'uwansa da kuma cikin zanensa. In wurin gugar ya koma ja-ja, jan ƙarfe ne ya leƙo. In ya koma fari-fari kamar cokali, nikel ne. In rawaya ne amma mai duhu, marar haske, kin isa kan tagulla. In kuwa kin ga 'yan ƙuraje-ƙuraje a jikin ƙarfen, ko wuri ya kumbura yana ɓarewa, zubin tutiya ne ya fara ci daga ciki, wannan kam sai haƙuri. Mayen ƙarfe ma yana taimakawa: gwal da tagulla da jan ƙarfe ba sa binsa, abin da ya manne masa gam baƙin ƙarfe ne a ciki, kuma shi ja yake tsatsa, ba kore ba. Sai dai kada ki gwada a kan maƙullin sarƙa, don akwai ɗan siririn ƙarfe a cikinsa ko da a sarƙar gwal ce ta gaske.

Mu fara da awarwaron, tunda shi ya sha wuya. Makilin yana ɗauke da gari mai laushi wanda aka yi shi don ya kankare dattin haƙori, kuma haƙori ya fi gwal tauri nesa ba kusa ba. Da kika goga, ya kwashe dattin, ya haɗa da ruwan gwal ɗin. Lemun tsami kuma ya wanke fuskar tagullar da ta bayyana, ita kuwa tagulla sabuwar wankewa ƙyalli take yi kamar gwal, shi ya sa ranar ya burge ki. Amma yanzu ba ta da riga, ga ragowar tsami da ya maƙale a cikin zane yana ci gaba da aikinsa, sai ta yi duhu cikin gaggawa. Toka da kanwa da bekin soda da ake ba da shawararsu a gidajen biki duk ɓarna ɗaya suke yi, kurza ce. Soson ƙarfe kuwa ba ma sai an faɗa ba. Bilic ya fi su duka muni, don shi cin ƙarfen yake yi.

Ba wai lemun tsami ba shi da amfani ba ne, wurinsa daban. Abin da tagulla ce zalla tun daga waje har ciki, irin mundaye masu nauyi na iyayenmu da maƙera suke ƙerawa, babu wani ruwa a kansa da za a ji tsoron gogewa. Shi ana matsa rabin lemun tsami a zuba gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafa, a bar shi minti biyu ko uku, a ɗauraye sosai, a tsane. Daga nan shawarar ta samo asali, sai aka ɗauko ta aka ɗora wa kayan da ba nata ba. Awarwaronki, in kin duba kin ga rawayar tagulla ce ta game shi duka, to ya riga ya shiga wancan layin: ki riƙa wanke shi haka in za ki sa, ki san cewa zai riƙa komawa duhu, zai kuma iya bar miki kore a hannu ranar zafi. In kuwa dabbare-dabbare ya yi, nan ja, nan fari, nan gwal, wanki ba zai daidaita shi ba, sai dai a sake masa ruwa ko a bar shi.

Sarƙar ita ce nake sa ran za ta tashi, don gaban sarƙa mai duwatsu ba ya shan guga kamar zobe, yawanci humra da hoda ne suke dusashe ta. Amma kada ki jiƙa ta. Ki juya bayanta ki duba yadda aka kafa duwatsun. In kin ga 'yan ƙananan farata na ƙarfe sun riƙe kowane dutse, da sauƙi. In babu, da gam aka liƙa su, kuma yawancin na fashan haka suke. Waɗannan duwatsun gilashi ne ko roba, a bayansu an shafa wani siririn abu mai ƙyalli irin na bayan madubi, shi yake mayar da haske. Ruwa in ya shiga tsakanin dutsen da mazauninsa ya kwana, wannan shafen yana yin baƙi, dutsen ya mutu, kuma ba ya farfaɗowa. Ruwan zafi kuma sassauta gam yake yi, bayan kwana biyu ki ga duwatsu suna zuba a cikin jaka.

Ga yadda za ki yi. Ki samo kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda za ki iya barin yatsa a ciki ba tare da kin ji komai ba. Ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo biyu ko uku, ki kaɗa. Kada ki sa omo, yana da kaifi. Ki yanko tsohuwar singileti ta auduga gida biyu, ɗaya ta wanki ɗaya ta tsanewa. Ki tsoma ta farkon ki matse ta sosai, ta zama danshi ne kawai ba ta ɗiga, sai ki bi sarƙar gaɓa-gaɓa, kina dannawa a hankali kina jan dattin. Za ki ga tsumman yana yin ruwan ƙasa, wannan hoda ce da mai. In kin ga yana ɗauko ɗan ƙyalli-ƙyallin rawaya, ki tsaya, ruwan gwal ne yake biyo shi. Lungunan da yatsa ba ya shiga ki bi su da audugar goge kunne, ko buroshin haƙori na jarirai mai laushi, shi ma a jiƙe kaɗan, kuma sarƙar tana kife, duwatsun suna kallon ƙasa, don ruwa ya gangara waje maimakon ya shige bayansu. Daga nan ki sake bi da tsumma mai ruwa zalla, ki kwashe sabulun, don in ya bushe a kai shi ma dusashewa yake kawowa. Fuskar duwatsun kuwa busasshiyar auduga ta ishe su, ko ki huro musu numfashi ki goge kamar tabarau.

Bushewa ita ce inda aka fi yin sakaci. Ki tsane da ɗaya tsumman, ki shimfiɗa ta a kife a kan tawul a gaban fanka na awa biyu ko uku. In da diraya, ki sa iskar sanyi. Kada ki shanya a rana, zafi yana lalata gam, kuma kada ki mayar da ita akwati a ranar sai kin tabbata cikin maƙullin ma ya bushe. Sarƙar da ba ta da dutse ko ɗaya, ita kam za ki iya tsoma ta cikin kofin na minti ɗaya ko biyu, ki ɗauraye, ki tsane nan take.

Wataƙila a wajen maƙulli, ko a mahaɗar gaɓoɓi, ki tarar da wani kore mai kauri kamar an ɗiga fenti, wani lokaci da ɗan danƙo. Wannan tsatsar jan ƙarfe ce, sabulu ba ya fitar da ita, kuma in aka bar ta ci take yi. Ki fara ɗago ta da tsinken sakace, ba allura ba. Abin da ya rage ki haɗa farin ruwan kal cokali ɗaya da ruwa cokali ɗaya, ki tsoma audugar goge kunne ki ɗora a kan wurin kaɗai, ki bar shi kamar minti ɗaya. Audugar za ta yi shuɗi-shuɗi. Ki goge da ruwa zalla sau biyu, ki tsane. Ki sani dai, inda koren ya tashi ba gwal za ki gani a ƙarƙashi ba, ɗan tabo ne ja ko mai duhu, don tun farko sai da ruwan gwal ya huje a wurin kafin koren ya samu hanyar fitowa. Abin da kika yi shi ne tsayar da cin. Kuma kada kal ya taɓa dutse ko lu'ulu'un roba. Su waɗannan farare masu kama da lu'ulu'u, shafe ne a kan ƙwallon gilashi ko roba, turare kaɗai yana isa ya sa su ɓare, busasshen tsumma kawai ake musu.

Yanzu maganar koren yatsa. Ba ciwo ba ne, ba kuma alamar wani abu a jininki ba. Gumi yana da gishiri da ɗan tsami, man shafawa da sabulu suna da maiƙo. In waɗannan suka zauna a kan jan ƙarfe, suna narkar da ɗan kaɗan daga jikinsa, abin da ya fito kuwa launinsa kore ne, shi yake rina fata. Saman fata kawai yake zama. Ruwan ɗumi da sabulu suna fitar da shi, in ya yi gardama ki shafa man zaitun ko basilin ki goge da auduga, ragowar zai tafi da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Za ki ga ke da ƙawarki kun sayi zobe iri ɗaya, naki ya yi kore nata bai yi ba. Bambancin gumi ne da irin man da kowa ke shafawa da yawan shiga ruwa. Ko azurfa ta gaske mai lamba 925 tana iya yi wa wasu haka, don kashi 7.5 cikin ɗari nata galibi jan ƙarfe ne.

Zobe ya fi kowa saurin yi saboda a hannu yake, hannu kuwa kullum cikin ruwa: alwala sau biyar, wanke-wanke, wanki, cuɗa. Ruwan da ya shiga ƙarƙashin zobe ba ya bushewa da wuri, yana nan tsakanin fata da ƙarfe yana aiki. Don haka zoben fashan na fita ne, ba na zaman gida ba. Ki cire shi kafin alwala, ki tsane hannu har tsakanin yatsu kafin ki mayar.

Tunda naki ya riga ya fara, cikinsa ya goge ke nan, sai a yi masa shamaki. Ki wanke shi da ruwan sabulun nan, ki bar shi ya bushe sarai, don in kika rufe danshi a ciki, koren zai ci gaba a ƙarƙashi. Ki samo man farce marar launi, wanda yake kamar ruwa. Ki share buroshinsa a bakin kwalba har ya kusa bushewa, ki shafa siriri a cikin zoben kaɗai, inda yake taɓa fata. Ki jingine shi a tsaye minti ashirin, ki ƙara shafi na biyu, ki bar shi ya kwana. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, mai kauri ɗagowa yake yi kamar ɓawo, ruwa ya shige ƙarƙashinsa. Wannan ba gyara ba ne na dindindin, 'yan makonni yake yi gwargwadon sawa, in kin ga ya fara tsagewa ki ɓare tsohon da farce ki sake. Kada ki cire shi da ruwan goge farce in zoben yana da dutse, yana narkar da gam da roba. Dabarar tana yi a cikin awarwaro da bayan abin wuya mai faɗi. Ba ta yi a kan siririyar sarƙa, liƙe gaɓoɓin take yi ta sandare, kuma ni ba na son a shafa a fuskar kaya, bayan ɗan lokaci yana komawa rawaya-rawaya ya kashe sheƙin.

'Yan kunnen su ne na fi so ki saurare ni a kansu, don ƙaiƙayi ba ɗan'uwan kore ba ne. Kore launi ne kawai, ba ya zafi. In wuri yana ƙaiƙayi, ya yi ja ko duhu, ya kumbura, ya fitar da ƙananan ƙuraje ko ruwa, mafi yawan lokaci jikin ne ba ya shiri da nikel. Alamarsa ita ce ba lallai ya taso nan take ba, yakan ɗauki rabin yini zuwa kwana biyu, kuma daidai inda ƙarfen ya taɓa yake fitowa. Ki tuna ko bayan agogo, ko ƙugiyar rigar mama, ko fil ɗin ɗankwali sun taɓa yi miki haka. In sun taɓa, to shi ne. Da farko 'yan kunnen ba su dame ki ba don ruwan gwal yana rufe da nikel ɗin, da tsinken ya goge sai ya haɗu da naman kunne kai tsaye. Jikin da ya fara ƙin nikel ba ya sabawa da shi, yawan sawa ƙara tsananta abin yake yi, saboda haka wanki ba zai raba ki da wannan ba.

Ki cire su, ki bar kunnen ya huta har ya warke. Ki wanke da ruwa da sabulu marar ƙamshi, ki shafa basilin. Kada ki shafa man farce a tsinken da zai shiga hujin kunne, ɓarewa yake yi a ciki, wasu ma shi kansa yana tayar musu da ƙaiƙayi. In 'yan kunnen masu lilo ne, gyaransu mai sauƙi ne: a cire ƙugiyar a sa ta azurfa ko ta gwal, kowane maƙerin zinare zai yi miki cikin 'yan mintoci, adon yana nan yadda yake. In kuwa kunnen yana fitar da mugunya, ya yi zafi, ko kumburin yana yaɗuwa, wannan ya wuce maganar sarƙa, ki je asibiti a duba. Ga kuma wani abu da ya fi koren hatsari amma ba a ganinsa: wasu kayan araha akan samu dalma a haɗinsu. Sawa a jikin babba ba ita ce damuwar ba, tsotsa ce. Kada a bar yaro ya riƙa sa sarƙa ko abin wuya a baki, musamman wanda aka goya yana wasa da na uwarsa.

Akwai wata dabara da za ki ji ana yawan faɗa, a shimfiɗa foyil a kwano, a zuba bekin soda da tafasasshen ruwa, a jefa kaya. Gaskiya tana aiki, amma a kan azurfa ta gaske wadda ta yi baƙi, marar dutse. Baƙin azurfa daga farar wutar da ke cikin iska yake zuwa, foyil ɗin kuma yana janye ta. Ba ta mayar da gwal inda ya goge, ga tafasasshen ruwa da zai zubar miki da duwatsu. Saitinki ba ya cikin masu shiga wannan kwanon.

Abin da zai sa sarƙar ta daɗe bayan kin wanke ta, yawancinsa a gaban madubi yake. Ki gama shafa mai, ki yi hoda, ki sa humra, ki fesa turare, ki tsuguna a kan kasko in za ki yi turaren wuta, ki bari jiki ya sha kamar minti goma, sannan ki ɗaura sarƙa. Humra mai ce da turaruka, a wuya da bayan kunne ake shafa ta, daidai mazaunin sarƙa da ɗan kunne. Hayaƙin turaren wuta kuma danƙo yake bari, wanda ƙura take mannewa a kai. Masu turara kaya a cikin durowa su fitar da akwatin sarƙoƙi tukuna. In kin dawo daga biki, sarƙa ce farkon abin cirewa, kuma kafin ki ajiye ki goge bayanta da busasshen tsumma. Wannan gugar ta minti ɗaya ta fi duk wani wanki da na lissafa miki, don gumin da bai kwana a kan ƙarfe ba bai samu lokacin yin ɓarna ba.

Yanayin garin nan na Kaduna ma yana da nasa hannu. A watan Maris da Afrilu gumi ne, sarƙa a ƙarƙashin hijabi ko mayafi tana jiƙe tun daga gida har a dawo. Da damina, musamman Agusta, iskar ɗaki kanta danshi gare ta, kayan da ba a ko taɓa ba sai a buɗe a tarar sun yi duhu. Da hunturu ƙarfe yana hutawa, amma ƙurar tana da kaifi, in kika goge ta da ƙarfi a bushe zane take yi, gara ki fara kaɗe ta da buroshi mai laushi. Saitin da aka saya da salla aka bar shi a buɗe a kan madubi ya ratsa damina guda, ba abin mamaki ba ne ya dushe.

Ajiya kuwa, kowane abu da ledarsa, irin ƙananan nan masu zif, ki matse iskar kafin ki rufe. Kada ki tara su wuri guda a gwangwani, suna kartar juna, kuma wanda ya yi kore yana shafa wa na kusa da shi. A cikin akwatin ki jefa 'yan ƙullin nan na silika da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka, suna shan danshi. In babu, sandar alli biyu ko uku za su rage, ki riƙa canzawa. Kada ki ɗaure awarwaro da robar ɗaure kuɗi, akwai farar wuta a cikinta, za ki ga baƙin layi daidai inda ta kwanta. Akwatin kuma kada ya zauna a banɗaki, ko jikin bangon da yake tsattsafo da damina.

Sake ruwa yana yiwuwa, amma ba kowane abu ya cancanta ba. Wanda cikinsa tagulla ce kuma jikinsa sumul yake, yana karɓa da kyau. Zubin tutiya da ya yi ƙuraje ba ya karɓa, sabon ruwan bin ramukan yake yi, ba da daɗewa ba ya sake ɓarewa. Mai duwatsun gam kuma sai an cire su an mayar, wanda sau da yawa kuɗin aikin ya fi na sabo. A naki, awarwaron ne kaɗai zan ce ki kai a duba, shi ma ki tambayi kuɗin tukuna ki gwada da farashinsa a kasuwa.

In za ki sake saye, ko a Barci ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ki juya kayan ki duba bayansu da jikin maƙulli. GP yana nufin ruwan gwal ne aka tsoma. GF yana nufin an manna gwal mai kauri a kan tagulla, wanda ya kai kashi 5 cikin ɗari na nauyin abin, yana shekaru bai goge ba. 316L ƙarfe ne marar tsatsa, ba ya kore, kuma shi nake ba wa mai son zoben da za ta riƙa sawa kullum, duk da yana da nikel a haɗinsa, wanda mai tsananin ƙinsa za ta iya ji a kunne. Lambobin 750 da 875 da 916 na gwal ne, karat 18 da 21 da 22, in kin gan su a kan abin da aka sayar miki a farashin fashan, lambar ce ta ƙarya. Sunayen da muke kiran kaya da su a kasuwa, wannan ɗan Dubai ne, wancan ɗan Indiya, ba sa gaya miki kaurin ruwan da ke kai. Ki tambayi mai kayan kai tsaye mene ne a ciki, ki shafa bayan abin da yatsa ki ji ko sumul yake, ki duba mahaɗar gaɓoɓi ko launin ya shiga ko'ina. Ke kuma da kunnenki ya riga ya nuna hali, ki ware kuɗin 'yan kunne daban, ki sayi masu tsinken azurfa ko gwal ko da ƙanana ne, sauran saitin ya zama fashan.